Yadda ake karanta gajimaren Ichimoku idan layin matsakaici kawai ka saba da shi

Wanda ya saba da `Moving Average` idan ya ɗora Ichimoku a kan jadawalin farashi a karon farko, abin da yake gani shi ne layuka biyar sun harɗe da juna, ga wani launi ya cika tsakiya, wato gajimaren, ga wani layi ya wuce kyandir na ƙarshe ya shiga filin da babu komai. Yawanci sai ya ɗauka matsakaitai ne guda biyar aka jera, ya ci gaba da karanta su yadda yake karanta `SMA` da `EMA`. A nan ake yin kuskuren farko. Babu ko ɗaya cikin layukan nan da ke tara farashin rufewa ya raba. Ichimoku tsakiyar zango yake aunawa, wato rabin hanya tsakanin farashi mafi sama da mafi ƙasa a wani adadin kyandirori. Duk wani halin da za ka gani a layukan, kwanciyarsu da tsallensu da kaurin gajimaren, daga nan ya samo asali.

Wani ɗan jaridar Japan mai suna Goichi Hosoda ne ya ƙirƙiro tsarin. Ya fara aikin a shekarun 1930, ya shafe shekaru yana gwada shi, bai fitar da shi ga jama'a ba sai ƙarshen shekarun 1960. A jadawalin kwana-kwana ya gina shi, da lissafin hannu. Don haka kai ma da jadawalin kwana za ka fara koyo, kyandir ɗaya rana ɗaya.

Mataki na farko: ɗora shi, sannan ka kashe kusan komai

A TradingView ka nemi `Ichimoku Cloud` a cikin `Indicators`. A MetaTrader 5 yana ƙarƙashin `Insert`, `Indicators`, `Trend`, da sunan `Ichimoku Kinko Hyo`. Ka bar lambobin asali yadda suke: 9, 26, 52.

Sunayen layukan sun bambanta tsakanin manhajojin biyu. Abin da MetaTrader ke kira `Tenkan-sen` shi ne `Conversion Line` a TradingView, `Kijun-sen` shi ne `Base Line`, `Chikou Span` shi ne `Lagging Span`, Senkou biyun kuma su ne `Leading Span A` da `Leading Span B`. Kada ka dogara da launi wajen gane su. A MetaTrader Tenkan ja ne, Kijun shuɗi, a TradingView kuwa akasin haka ne. Mutum zai iya kallon darasi da aka yi da manhaja ɗaya ya je ya karanta ɗayar a juye bai sani ba.

Yanzu shiga saitin ka ɓoye komai sai Tenkan. Ka ɗora `SMA` mai tsawon 9 kusa da shi, don ka ga inda suke rabuwa.

Mataki na biyu: lissafa Tenkan da hannunka

```
Tenkan = (Highest High 9 + Lowest Low 9) / 2
Kijun  = (Highest High 26 + Lowest Low 26) / 2
```

Mu ɗauki misali na kwana tara. Farashin rufewa ya tafi kamar haka: 103, 105, 106, 107, 108, 109, 110, 111, 112. A rana ta farko farashi ya taɓa 100, shi ne mafi ƙasa a duk zangon. A rana ta biyar kuma an yi wani yunƙuri, farashi ya harba zuwa 118 sannan ya dawo ya rufe a 108, ya bar dogon lagwani a saman kyandir.

Matsakaicin da ka saba zai tara lambobin rufewa tara, ya sami 971, ya raba da 9, ya ba ka kusan 107.9. Bai san an taɓa 118 ba, bai san an taɓa 100 ba, domin ba a rufe a can ba. Tenkan kuwa waɗannan biyun kaɗai ya sani: 118 da 100, a haɗa a raba biyu, 109. Kamar ka ninke igiya gida biyu ne ka riƙe tsakiyarta. Bakunan biyu ne ke da magana, abin da ke tsakaninsu ba ya shiga lissafi.

To bi shi gaba ka ga halinsa. A ce mafi ƙasan farashin rana ta 2 zuwa ta 6 shi ne 102, 104, 105, 106, 107, kuma farashi ya ci gaba da hawa a hankali ba tare da ya sake kai 118 ba. A rana ta 10, rana ta farko ta fice daga lissafi, mafi ƙasa ya koma 102, Tenkan ya zama 110. Rana ta 11 ya zama 111, ta 12 ya zama 111.5, ta 13 ya zama 112. Sai rana ta 14, ranar da kyandir mai dogon lagwani ya fice. Mafi sama a kwana taran da suka rage yanzu 115 ne, mafi ƙasa 107, Tenkan ya sauko 111. Farashi yana hawa, matsakaicinka yana hawa, Tenkan ya lanƙwasa ƙasa. Wanda bai san lissafin ba zai ce ƙarfin masu saye ya fara ƙarewa. Alhali babu abin da ya faru a kasuwa ranar, tsohon lagwani ne kawai wa'adinsa ya cika.

Saboda haka duk lokacin da wani layin Ichimoku ya motsa, tambaya ɗaya za ka yi: sabon farashi ne aka kafa yau, ko tsoho ne ya fice ta baya? Na farko labari ne daga kasuwa. Na biyu lissafi ne kawai, kuma kana iya hango shi tun kafin ya zo, ta ƙirga kyandirori baya.

Mataki na uku: Kijun, da abin da kwanciyarsa ke nufi

Kunna Kijun. Lissafinsa ɗaya da na Tenkan, sai dai kyandir 26 yake dubawa. Idan layi ɗaya ne kawai za ka koya a cikin biyar ɗin, a ganina wannan ne.

Matsakaici ba ya cika tsayawa cik, kullum yana ɗan karkata, tunda kowace rana sabuwar lamba na shiga, tsohuwa na fita. Kijun kuwa yana iya kwanciya sambal har kwanaki da yawa. Muddin ba a kafa sabon sama ba, ba a kafa sabon ƙasa ba, kuma tsofaffin biyun ba su fice daga kwana 26 ba, lambar ba ta canjawa ko da farashi yana ta kai da kawo a tsakani. Kwantaccen Kijun yana gaya maka cewa kasuwa tana cikin zango, kuma ga daidai tsakiyarsa. Masu amfani da ma'aunin Fibonacci za su gane wurin, shi ne matakin kashi 50 na zangon kwana 26.

Za ka ji ana cewa kwantaccen Kijun yana jan farashi zuwa gare shi. Ba wani sirri a ciki. Farashin da ke yawo tsakanin iyaka biyu dole ya riƙa ratsa tsakiyarsu. Amfanin sanin hakan shi ne kada ka saya can nesa a saman Kijun alhali yana kwance, domin kana saye ne kusa da rufin zango. Idan kuma Kijun yana hawa mataki-mataki tare da sabbin ƙololuwa, kasuwa tana faɗaɗa sama da gaske.

Tsallaken Tenkan da Kijun ana karanta shi kamar tsallaken gajeren matsakaici da dogo: Tenkan ya haura Kijun, alamar hawa, ya faɗo ƙasansa, alamar sauka. Bambancin shi ne a Ichimoku ana duba inda tsallaken ya faru. Tsallaken hawa a saman gajimare ana ɗaukarsa mai ƙarfi, a cikin gajimare tsaka-tsaki, a ƙasansa mai rauni.

Mataki na huɗu: gajimaren kansa

```
Senkou A = (Tenkan + Kijun) / 2                      -> +26
Senkou B = (Highest High 52 + Lowest Low 52) / 2     -> +26
Chikou   = Close                                     -> -26
```

Senkou A tsakiyar Tenkan da Kijun ne. Senkou B kuma tsakiyar zangon kwana 52 ne, shi ya sa ya fi kowa nauyin jiki, ya fi kowa yawan kwanciya. Filin da ke tsakaninsu shi aka shafa wa launi, shi ne gajimare, ko Kumo. Idan A yana sama da B, a TradingView gajimaren kore ne. Idan B ne a sama, ja ne.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne tura su gaba da ake yi. Ana lissafa su da farashin yau, amma a zana su kyandir 26 a gaba. Ma'ana a kan allonka akwai gajimare iri biyu, kuma aikinsu daban. Wanda yake daidai da kyandir na yau, an lissafa shi ne kwana 26 da suka wuce. Da shi ake auna ko farashi yana sama, yana ƙasa, ko yana ciki. Wanda ke can ƙarshen dama a filin da babu kyandir, shi ne lissafin yau. Ba hasashe ba ne, bai san gobe ba. Idan ka taɓa saka lamba a akwatin `Shift` ko `Offset` na matsakaicinka, ka riga ka yi irin wannan turin.

Mu ci gaba da misalinmu a rana ta tara, inda aka rufe a 112, Tenkan yana 109. A ce a kwana 26 da suka gabata mafi sama 118 ne, mafi ƙasa 90, Kijun ke nan 104. A kwana 52 kuma mafi sama 120, mafi ƙasa 80, Senkou B ya zama 100. Senkou A kuwa 109 da 104 a raba biyu, 106.5. To a ƙarshen dama za ka ga gajimare kore daga 100 zuwa 106.5. Amma a ƙarƙashin kyandir na yau gajimaren na iya zama ja, a ce A yana 96, B yana 101, domin lokacin da aka lissafa shi kasuwa ba ta gama farfaɗowa daga faɗuwa ba. Ja a nan, kore a gaba, ba saɓani ba ne. A wani wuri tsakaninsu A ya haura B, gajimaren ya murɗe ya sauya launi, kuma a daidai murɗewar kaurinsa sifili ne.

Kauri shi ma lissafi ne: tazara ce tsakanin tsakiyar gajeren zango da tsakiyar dogo. Bayan tafiya mai ƙarfi, A yana yin nisa da B, gajimare ya yi kauri. Bayan an daɗe a wuri ɗaya sukan haɗu, ya yi siriri. Ana cewa mai kauri ya fi wuyar ketawa. Abin da za ka iya tabbatarwa da idonka dai shi ne farashi yana buƙatar tafiya mai tsawo kafin ya fita ta ɗaya gefen, kuma a cikin wannan tafiyar ne alamu suke yawan ƙarya. Siririn gajimare kyandir ɗaya kan tsallake shi, kuma kyandir ɗaya kan dawo da shi.

Ka fi kula da gefen B idan ya kwanta. Matakin da ya daɗe a matsayin tsakiyar kwana 52 ya fi cancantar a ja masa layi fiye da gefen A da ke lanƙwasa kullum.

Mataki na biyar: Chikou

Wannan ba a lissafa komai a cikinsa. Farashin rufewar yau ne aka ɗauka aka zana kyandir 26 a baya. Tambayar da yake amsawa ita ce, yau an rufe sama da inda ake kwana 26 da suka wuce, ko ƙasa? A misalinmu a ce ranar can an rufe a 93, yau 112, Chikou yana sama da kyandirorin wancan lokaci sosai.

Ga abin da zai yi wa mai matsakaici daɗi: ka riga ka san wannan layin. `SMA` mai tsawon 26 yana ɗaga kai sama ne kawai idan lambar da ta shigo yau ta fi wadda ta fice, wato rufewar kwana 26 baya. Don haka Chikou a saman tsohon farashin rufewa daidai yake da matsakaicin 26 mai kallon sama. Ƙarin da Chikou ya kawo shi ne yana nuna maka abin da ke gabansa. Idan kyandirorin da zai tarar nan da 'yan kwanaki suna da tsayi, to kwatancin zai yi tsauri ko da farashin yau bai motsa ba.

Wani ɗan abu da kan tayar da hankali ba gaira ba dalili: idan ka ƙirga a TradingView za ka ga turin kyandir 25 ne, a MetaTrader 26. TradingView yana ƙirga kyandir na yau a matsayin na farko. Bambancin kyandir ɗaya ne, amma yana iya sa farashi ya fito daga gajimare a manhaja ɗaya yau, a ɗayar sai gobe. Ka tsaya a kan guda.

Mataki na shida: haɗa su, a kan kyandir da ya rufe

Ka jira kyandir ya rufe tukuna, domin kafin nan Chikou yana rawa, sauran ma suna iya motsi idan an kafa sabon sama ko ƙasa. Sannan ka bi su daga mai nauyi zuwa mai sauƙi. Farashi 112, saman gajimaren yau 101: muna sama, don haka saye kawai ake tunani. Gajimaren gaba kore ne. Tenkan 109 yana saman Kijun 104. Chikou yana sarari. Duka huɗun sun yarda.

A nan ne mafi yawan darussa ke cewa ka saya, kuma a nan ne ya kamata ka ɗauki alƙalami. Wurin da ya dace da `Stop Loss` a wannan tsari shi ne ƙasan Kijun kaɗan, a ce 103. Daga 112 zuwa 103 kana kasadar 9. A sama kuwa lagwanin nan na 118 yana jira, bayansa ga 120. Wato kana sa 9 a kasada don neman 6 ko 8. Alamu sun cika, ciniki bai yi kyau ba. Haka Ichimoku yake sau da yawa: kafin layuka huɗu masu kallon baya su yarda da juna, an ci rabin tafiyar.

Mafita biyu ce. Ta farko, ka jira farashi ya ja baya kusa da Kijun. Idan ya sauko 106 ya nuna ya tsaya, alhali har yanzu yana saman gajimare, kasadarka zuwa 103 ta zama 3, abin nema zuwa 118 ya zama 12. Mai jarin 10,000 da ya ƙayyade ba zai yi asarar fiye da kashi 1 cikin ɗari ba, wato 100, zai iya ɗaukar guda 11 ne kacal a 112, amma guda 33 a 106, da kasada iri ɗaya. Illar jiran ita ce wani lokaci farashi ba ya dawowa, ya tafi ya bar ka. Ta biyu, ka jira a rufe sama da 120, inda babu tsohon rufi a kwana 52, ka karɓi tsada a madadin sarari.

Kafin ka zaɓa, ƙirga baya ka ga inda 90 ɗin nan yake. Idan shi ne kyandir na 24 in an fara ƙirga daga na yau, nan da kwana uku zai fice. A ce mafi ƙasa na gaba 94 ne, Kijun zai yi tsalle daga 104 zuwa 106 ko da kasuwa ta yi barci. Wanda ya riga ya shiga zai iya matso da `Stop Loss` ɗinsa sama a ranar. Haka ake bin ciniki da Kijun: yana hawa kana binsa, ba ka taɓa mayar da shi ƙasa, ranar da aka rufe ƙasansa ka fita.

Kada kuma ka ruɗu da cewa shaidu huɗu ne masu zaman kansu. Senkou A daga Tenkan da Kijun aka haife shi, dukansu kuma daga kyandirori ɗaya suke sha. Yardarsu tana nuna tafiyar ta daɗe kuma ta yi tsari, ba ta ninka tabbacin gobe sau huɗu.

Inda yake lalacewa, da yadda za ka gane

Ciwon da matsakaici ke fama da shi a kasuwar da ba ta zuwa ko'ina, Ichimoku ma yana da shi. Sai dai shi yana nuna alamun ciwon a fili. Kijun da Senkou B sun kwanta, Tenkan yana hawa yana sauka a kan Kijun, farashi yana cikin gajimare ko yana keta siriri yana dawowa, gajimaren gaba yana sauya launi a kai a kai, Chikou ya nutse cikin tsofaffin kyandirori. Idan ka ga uku daga cikin waɗannan tare, tsallaken Tenkan da Kijun ba shi da wata ma'ana. Ka ja layi a saman zangon da ƙasansa, ka jira a rufe a waje.

Matsala ta biyu tasa ce shi kaɗai: lagwani. Labari ɗaya mai girgiza kasuwa, ko kasuwa mai ƙarancin masu ciniki, na iya haifar da lagwani mai tsawon gaske a minti kaɗan. Matsakaicin rufewa ba zai ji shi ba. Ichimoku kuwa zai riƙe shi kwana 9 a Tenkan, 26 a Kijun, 52 a Senkou B, sannan a tura wannan gurɓataccen gefen gajimare wasu 26 gaba. Idan ka ga Kijun ya yi tsalle a rana ɗaya ya kwanta nesa da inda ake ta ciniki, nemi lagwanin da ya jawo haka kafin ka ɗora `Stop Loss` a kansa. Wannan ma shi ne dalilin da a kasuwar canjin kuɗi dillalai biyu kan nuna Kijun daban a kan kuɗi iri ɗaya, tunda mafi sama da mafi ƙasan da kowanne ya rubuta, da lokacin rufe ranarsa, ba lallai su zo ɗaya ba.

Saura batun lambobi. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne a zamanin Hosoda ana aiki kwana shida a mako a Japan, don haka 26 wata guda ne na ciniki, 52 wata biyu, 9 mako ɗaya da rabi. Shi ya sa wasu masu kirifto, da kasuwarsu ba ta rufewa, suke sauya su zuwa 10, 30, 60, wasu ma 20, 60, 120. Ƙara tsawon yana rage tsallaken ƙarya, yana kuma ƙara jinkiri, kamar dai yadda ka sani tsakanin matsakaicin 20 da na 50. Shawarata ka bar 9, 26, 52 har sai ka iya duban jadawali ka faɗi ranar da Kijun zai motsa da inda zai koma. Gwajin mai sauƙi ne: koma baya a jadawalin kwana, rufe gefen dama, nemo mafi sama da mafi ƙasa na kyandir 26, rubuta lambar da kake tsammani ta gobe in ba a kafa sabon farashi ba, sannan ka matsa kyandir ɗaya ka duba `Base Line`.